Daga Katsina zuwa Alkahira: yadda layin gida ya kuɓuce mini

Da asuba na tashi daga Ƙofar Kaura, na kama hanyar Kano, da la'asar na shiga jirgin Alkahira a filin Malam Aminu Kano. Karatu na je yi na shekara ɗaya da rabi. Da saukata na sayi layin Masar da fasfo, na zare na gida na cusa a aljihun jaka. Kuskuren ke nan, don layi ba ya rayuwa da ajiya. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta Najeriya, layin da ya yi wata shida ba a kira da shi ba, ba a sa masa kati ko data ba, ana iya rufe shi. In ya ƙara wata shida a haka, kamfani na da damar sayar da lambar ga wani. Da na riƙa sa masa kati ina tura saƙo ɗaya duk bayan wata biyu, da ba a kai nan ba.

A wata na goma sha uku ƙanena ya kira lambar daga Katsina, bisa kuskure, sai wata mata ta ɗauka. Na mai da layin cikin waya, ko sanda ɗaya ta sabis babu. Da layin rufe shi kawai aka yi, ana iya neman a dawo da shi, duk da cewa sai mutum ya je ofis da NIN ɗinsa an tantance shi. Amma wanda aka yi wa rajista da sunan wani ya riga ya tafi.

Abin da ya rage shi ne raba lambar da duk inda ake turo mata lambar sirri, kuma akwai abin da ya kamata ya riga wani. Kafin komai, kada ka fita daga kowace manhaja, kada ka goge wayar. Duk inda kake ciki, ƙofa ce a buɗe. In ka ja ta, makullin yana hannun baƙo.

Imel na fara gyarawa, don shi ne ke ceto sauran. A asusun Google na shiga Security, na cire tsohuwar lamba a wuri biyu: 2-Step Verification da kuma Recovery phone. Mutane kan cire ɗaya su manta ɗayar. Na sa lambar Masar, na ciro Backup codes, lambobi goma masu alƙaluma takwas-takwas, kowacce sau ɗaya take aiki, na kwafe su a takarda.

WhatsApp ya zo da sauƙi saboda yana nan a wayata: Settings, Account, Change number. Sabuwar lamba ake turo wa lambar tantancewa, ba tsohuwa ba. Sai dai tsere ne, domin da matar ta riga ni buɗe nata, da an fitar da ni, 'yan gidanmu kuma su riƙa tura mata saƙona.

Banki ne ya ci mini mako uku. Haɗarinsa ya wuce baƙo ya ga alat ɗina. Layin da aka yi rajistar BVN da shi, in aka danna *565*0#, yana nuna BVN ɗin, kuma hada-hadar da ake yi ta danna lamba a waya da layi take ɗaure. Na rubuta wa bankin daga imel ɗin da suka sani, na nemi abu uku: a rufe hada-hadar danna lamba, a mai da alat imel, a toshe katin cirar kuɗi. Sun yi waɗannan bayan na cike fom na haɗa da hoton fasfo. Canza lambar da ke kan BVN kuwa suka ce sai na zo reshe da kaina.

Toshe katin ya warware wata matsalar. Akwai wani kamfani da ke zarar kuɗi kowane wata, soke rajistar sai ka shiga asusunka, shiga kuma sai da lambar da za a tura wa mataccen layi. Na aika musu da rasit na ƙarshe da alƙaluma huɗu na ƙarshen katin, na ce su rufe asusun. Kafin su amsa, zarar watan ta zo ta tarar da kati a toshe. Waɗanda na biya ta Google Play kuwa a Subscriptions na soke su, ba a nemi lamba ba. Goge manhaja daga waya ba ya tsayar da zarar kuɗi.

Don kada in manta da wani wuri, na bincika imel da kalmar OTP, wato lambar sirrin da ake turowa, na kuma duba bayanin asusun banki na wata goma sha biyu. Nan na gano wata manhajar tura kuɗi da na manta da ita.

Da na dawo, daga Kano ban tsaya ba sai Katsina. Washegari na sayi sabon layi da NIN ɗina, na wuce banki aka ɗora shi a kan BVN, sannan na tafi Daura gaida su Hajiya.