Laraba: amsar da ta tsallake sifili

Yau na wuni ina duba takardun ƙaramar jarrabawar da ɗalibaina suka rubuta a kan fankishin mai kiran kansa a Python, kuma tambaya ta uku ce ta fi kayar da su. Na ba su wannan, na tambaye su abin da `jimla(5)` zai bayar:

```python
def jimla(n):
    if n == 0:
        return 0
    return n + jimla(n - 2)
```

Mafi yawansu sun rubuta 9, wato sun haɗa 5 da 3 da 1 suka tsaya a nan, domin hankalin mutum shi ke gaya masa cewa lissafi ya ƙare. Kwamfuta kuwa ba ta tsayawa sai inda aka rubuta mata ta tsaya, kuma sharaɗin tsayawar da ke nan sifili kaɗai ya sani. Idan aka fara da 6, kiran zai sauko 4, sannan 2, sannan 0, a sami 12 lafiya lau. Amma daga 5 sai a bi ta 3, a zo 1, a tsallake sifili a faɗa -1 da -3, a yi ta gangarawa. Kowane kira yana nan a rataye yana jiran amsar na ƙasansa kafin ya yi nasa tarawar, har tulin ya kai iyakar da Python ta ajiye, wadda a bisa al'ada 1000 ce, sai shirin ya tsaya da `RecursionError`. Amsar da nake nema ke nan.

Da la'asar wata ɗaliba ta zo ofis da takardarta, ta ce, "Malam, ai ga sharaɗin tsayawa nan a rubuce, ta yaya za a ce bai tsaya ba?" Ban yi mata dogon bayani ba, na sa ta ƙara `print(n)` a farkon fankishin ɗin ta gwada da 5. Da ta ga lambobi masu alamar ragi suna zubowa a allo, sai ta kama baki, ta tambaya ko ƙara iyakar da `sys.setrecursionlimit` zai magance matsalar. Na ce mata jinkirta faɗuwar kawai zai yi, tunda ko an ba shi miliyan ba zai taɓa komowa kan sifili ba. Gyaran shi ne a mayar da `n == 0` ya zama `n <= 0`, a nan ne 9 ɗinta za ta zama daidai.

Waɗanda suka rubuta cewa shirin zai yi ta gudu har abada na ba su rabin maki, domin sun gano cewa ba a isa sharaɗin ba, iyakar Python ce kawai suka manta. A darasin gobe zan sa kowa ya bi kiran da biro a takarda, sau ɗaya da lamba mai rabuwa biyu, sau ɗaya da marar rabuwa, kafin ya taɓa kwamfuta.