Yadda muka tattauna batun buga kuɗi da ɗalibata

Wata ɗalibata ta tare ni bayan darasi ta ce, "Malam, tunda gwamnati ce ke da injin buga kuɗi, me ya hana ta buga da yawa ta raba wa kowa, talauci ya ƙare?"

Na lura ma'anar hauhawar farashi ba ta zama a kan ɗalibi sai ya yi lissafin da hannunsa, don haka na miƙa mata alli. Na ce ta ɗauka akwai ƙasar da hatsi kaɗai take nomawa, buhu 100 a shekara, kuɗin da ke hannun jama'a kuma 1,000 ne, duk a kan hatsin ake kashe su. Ta raba, ta ce kowane buhu 10.

"To, an buga wasu 1,000. Buhu nawa ke nan a rumbu?"

"Suna nan 100, Malam."

Ta sake rabawa, buhu ya koma 20. Amma ba ta gamsu ba. Ta ce ai mai sayarwa bai san an buga kuɗi ba. Na ce ba sai an gaya masa ba, zai ga masu saye sun yi layi, kayansa na ƙarewa da wuri, sai ya ƙara farashi. Nan ne abin ya fi damuna, domin farashin ba ya tashi rana ɗaya. Wanda sabon kuɗin ya fara shiga hannunsa ya saya a kan 10. Mai albashi da wanda ya yi ajiya, kafin su je kasuwa buhu ya kai 20. Rabin guminsu ya koma hannun wani ba tare da an tambaye su ba.

Sai ta kawo hujjar da ta fi ƙarfi: "Idan manomi ya ga ciniki, ba zai ƙara noma ba?"

Na ce zai iya, matuƙar akwai gonar da ba a nomawa da mutanen da ba su da aiki. A irin wannan hali ƙarin kuɗi kan farfaɗo da aiki. Idan kuwa babu iri, babu taki, babu kayan aiki, farashi ne kawai zai hau.

Na ba ta misalin Zimbabwe. Noma ya durƙushe bayan shekarar 2000, babban banki kuma ya yi ta buga kuɗi don biyan bukatun gwamnati. A Yulin 2008 alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi miliyan 231 cikin ɗari. A Janairun 2009 aka fitar da takardar dalar Zimbabwe tiriliyan 100, a shekarar ce kuma ƙasar ta ajiye kuɗinta ta koma amfani da na ƙetare.

Ta tambayi yadda ake gane an doshi wannan hanya. Na ce ta duba ko mutane na gaggawar kashe kuɗi ranar da suka karɓa, da kuma ko 'yan kasuwa sun fara yanka farashi da kuɗin wata ƙasa.