Daren Talata wanne ne?

Ina aikin sakatare a wani ƙaramin ofis a Kano, kuma tafiye-tafiyen maigida da iyalinsa duk a wuyana suke. Ejan ya sayi tikiti, ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya turo mini, ni kuma in mayar da shi takardar da za a bi ranar tafiya. Na daɗe ina ganin aikin kwafa ne kawai, har sai da Hajiya, mahaifiyar maigida, za ta tafi Umara.

Hoton ya nuna KAN zuwa JED, wato Kano zuwa Jidda, 14MAR, 01:20. Na duba kalanda, 14 ga wata Talata ce. Sai na rubuta "daren Talata, ƙarfe ɗaya da minti ashirin", na ba Hajiya ɗaya, na ba direba ɗaya. Hajiya ta fahimta daidai, domin a lissafinta dare ne ke gaba da yini, kamar yadda daren Juma'a yake farawa da magaribar Alhamis. Direban kuwa yaro ne, a wurinsa daren Talata sai an yini Talata tukuna. Ranar Litinin bayan isha Hajiya na zaune da akwatunanta a tsakar gida, shi kuma ya tafi ƙauyensu zai kwana. Da na same shi a waya ya ce, "Malam, ai gobe ka rubuta." A motar maƙwabci aka kai ta, saura kaɗan a rufe awon kaya. Laifin nawa ne, don kowannensu ya karanta Hausa daidai.

Tun daga nan na daina sa lokacin tashin jirgi a layin farko. Matafiyi ba ya buƙatarsa kamar yadda yake buƙatar lokacin da zai bar gida, kuma wannan babu shi a hoton, sai an yi lissafi da baya da baya. A tikitin Hajiya, ga yadda ya kamata in yi. Jirgi zai tashi 01:20. Yawancin kamfanoni suna rufe awon kaya na tafiyar ƙasar waje kamar awa ɗaya kafin tashi, wato wajen 00:20, amma akan so a iso awa uku kafin lokaci, wato 22:20, kuma nan lissafi ya riga ya faɗo cikin Litinin. Daga gidanta zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano minti arba'in ne idan hanya ta yi kyau. Sai in ƙara minti ashirin na bankwana, don tsohuwa mai tafiya Makka ba ta fita sai kowa ya ba da saƙon addu'a. Layin farko ke nan: "Litinin 13 ga Maris, bayan sallar isha, a bar gida ƙarfe tara da minti ashirin." Sunan rana, kwanan wata da sallar da ke kusa, duka uku nake haɗawa yanzu.

Lokacin sauka ma yana da nasa tarko: agogon garin da za a sauka ake rubutawa. Saudiyya ta riga mu da awa biyu, don haka nakan rubuta duka biyun, kada 'yan gida su yi ta kiran waya da bugun zuciya.

Abu na biyu da na koya shi ne hoton waya yankakke ne. Abin da ya shiga fuska kawai yake ɗauka, sauran yana ƙasa. Nakan nemi lambobi biyu. Akwai PNR, wato lambar riƙon kujera, haruffa da lambobi shida, sannan akwai lambar tikiti mai lamba 13. Idan PNR kaɗai na gani, mai yiwuwa kujera aka riƙe ba a fitar da tikiti ba, kuma riƙon yana iya faɗuwa. Nan take nake kiran ejan ya turo cikakkiyar takardar. A cikinta ne nake ganin ko 2PC aka rubuta, wato akwati biyu, ko kuwa jimillar kilo, da kuma ko za a sauya jirgi a hanya.

Takardun da za a riƙe kuwa, tikiti ba ya lissafa su. Nakan sa a kawo mini fasfo in riƙe a hannu, in gwada sunan da na tikiti harafi da harafi, don Muhammad da Mohammed a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin ma'aikacin jirgi kuwa abin tsayarwa ne. In duba ranar ƙarewarsa, ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Sai biza da tikiti a buga su a takarda saboda waya na iya mutuwa, da katin rigakafin shawara da sanƙarau. A gaban kowanne ina rubuta inda yake, "jakar hannu, aljihun gaba", domin fasfon da ya bi akwati cikin awo ya zama aiki.

Kafin in miƙa takardar yanzu, nakan kira direba in ce ya faɗa mini da bakinsa ranar da zai zo da ƙarfe nawa. Idan ya yi jim, sai in koma in sake rubutawa.