Jimla uku a takardar Faransanci, da abin da suka koya mini game da aikatau

Takardar aikin da ake bai wa masu fara koyon Faransanci ba ta cika canza kama ba: jimloli ne jere, a ce a mayar da su daga wannan harshe zuwa wancan, da ɗan fili a ƙarƙashin kowace jimla. Na daɗe ina zama da ɗalibai masu jin Hausa a kan irin wannan takarda, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, amsar da za a cike filin da ita ba ta da wahalar bayarwa. Aikin yana wajen bayanin dalilin da ya sa aikatau ya ɗauki wannan siffa bai ɗauki waccan ba, a kuma yi bayanin ta yadda ɗalibi zai iya jimla ta gaba shi kaɗai. A nan ne na gano cewa Hausar da ɗalibi ya zo da ita ta riga ta yi masa rabin aikin, muddin an nuna masa inda zai duba.

Ga jimlar da na fi son farawa da ita: «Ina karatu lokacin da ƙanwata ta shigo.» Abin da sabon ɗalibi ya fi rubutawa shi ne *Je lis quand ma petite sœur a entré.* Kafin in taɓa komai nakan tsaya in karanta kuskuren, domin kowane ɓangare nasa yana gaya mini abin da ke cikin kan mai rubutun. Ya sa *je lis* ne saboda ya ɗauka «ina» yana nufin yanzu. To amma «ina» a Hausa bai damu da agogo ba. Muna cewa jiya war haka ina karatu, yanzu ina karatu, gobe war haka ina karatu, kalmar ba ta motsa ba ko kaɗan. Abin da take faɗa kawai shi ne aikin yana cikin gudana, bai kai ƙarshe ba. Lokacin kuwa daga sauran jimlar ake gane shi, a nan daga «ta shigo». Shi Faransanci ba ya barin wannan ga sauran jimla, dole aikatau da kansa ya nuna cewa abin ya wuce. Siffar da ke haɗa abu biyun, wato ya wuce kuma yana cikin gudana a lokacin, ita ce littattafai ke kira *imparfait*.

Sai an fahimci wannan nake shiga yadda ake gina ta, kuma ginin mai sauƙi ne. A ɗauki siffar aikatau ta yanzu da ke tafiya da *nous*, wato «mu», a cire *-ons* na ƙarshe, a liƙa ɗafin da ya dace: *-ais, -ais, -ait, -ions, -iez, -aient*. Aikatau *lire* yana ba da *nous lisons*, a cire *-ons* ya rage *lis-*, sai a samu *je lisais*. Aikatau ɗaya tak ne ba ya bin wannan hanya, shi ne *être*, wanda tushensa yake zama *ét-*, kamar a *j'étais*. Ɗalibai suna jin daɗin wannan bayani ƙwarai, domin ba kasafai suke haɗuwa da ƙa'idar Faransanci mai togaciya guda ɗaya kacal ba.

Rabin jimlar na biyu ɗalibin ya kusa samu. Ya gane cewa shigowar abu ne da ya faru ya ƙare, don haka ya nemi *passé composé*, wanda yake daidai da «ta shigo». Inda ya zame shi ne mataimakin aikatau, wato ƙaramin aikatau da ke zuwa kafin babban a wannan siffa. Yawancin aikatau suna tafiya da *avoir*, shi ya sa hannunsa ya saba da *a*. Amma akwai 'yan kaɗan, galibi na zuwa da tafiya da shiga da fita, irin su *aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir*, da suke tafiya da *être*. Kuma idan *être* ne mataimaki, ƙarshen aikatau yana bin jinsi da adadin mai aikin. Ƙanwa mace ce, don haka *est entrée*, da ƙarin *e*. Kunne ba ya jin bambanci tsakanin *entré* da *entrée*, a rubuce kawai ake gani, shi ya sa ɗalibin da ya iya faɗa da baki yake rasa maki a takarda. Nakan tuna masa cewa ai a Hausa ma ba ya taɓa cewa ƙanwata ya shigo. Kula da jinsin da yake yi a «ya» da «ta» shi ne dai zai kai ƙarshen kalma. Jimlar ta tsaya haka: *Je lisais quand ma petite sœur est entrée.*

Akwai wani abu a wannan jimla da ya kamata mai gyara ya yi adalci a kai. «Karatu» yana iya zama duba littafi, yana iya zama bitar darasi. Wanda ya rubuta *j'étudiais* bai yi kuskure ba, ya zaɓi ɗaya daga ma'anoni biyu ne da jimlar ta bari a buɗe. Ni ina karɓar duka biyun, sai dai ina tambayar ɗalibi wanne yake nufi. Idan ya iya amsawa, to zaɓi ya yi. Idan ya ce shi ne na farko da ya gani a ƙamus, to akwai sauran aiki.

Jimla ta biyu tana zuwa ne don rushe wata gajeriyar hanya da ɗalibai ke yawan ɗaukowa, wai aiki mai tsawo *imparfait* ne, gajere kuma *passé composé*. Wannan magana tana aiki a jimlolin farko-farko, daga nan sai ta yaudari mai ita. A gwada ta da «Ya zauna a nan shekara 10.» Shekara 10 ba gajeren lokaci ba ne, don haka mai bin waccan hanya zai rubuta *il habitait*. Amsar kuwa ita ce *Il a habité ici pendant 10 ans*, saboda an yi wa zaman iyaka, an ƙidaya shi, an rufe. Abin da nake so ɗalibi ya lura da shi shi ne, bakinsa ya riga ya san haka: «ya zauna» ya ce, bai ce «yana zaune» ba. Idan aka juya jimlar ta koma «A lokacin yana zaune a nan», sai *imparfait* ta dawo: *À l'époque, il habitait ici.* Haka ma abin da aka saba yi a da, irin «mukan yi wasa a waje», *nous jouions dehors* ne. Saboda haka tambayar da nake koya musu ba ta tsawon aiki ba ce. Ita ce: mai magana ya rufe aikin ne, ko yana leƙa cikinsa yana gudana?

Sai dai dogaro da Hausa yana da iyakarsa, kuma jimla ta uku ce ke nuna ta: «Na san malamin, amma ban san inda yake zaune ba.» Ɗalibin da ya riƙe darasin baya sosai shi ne ya fi faɗawa wannan rami. Ya ga «na san» yana da siffa ɗaya da «na tafi» da «na rubuta», sai ya rubuta *j'ai su*. Amma akwai aikatau a Hausa da suke sanye da rigar shuɗaɗɗen lokaci alhali halin da ake ciki yanzu suke faɗa: na san shi, na iya, na gaji, na ƙoshi. Gwajin da nake bayarwa shi ne a saka «yanzu haka» a gaban jimlar. Idan ta zauna daram ba tare da ma'ana ta canza ba, kamar yanzu haka na san shi, to siffar yanzu ake nema a Faransanci. Kuskuren kuma ba na nahawu kaɗai ba ne, yana sauya saƙon: *j'ai su* yana nufin labari ya iso mini a wani lokaci, *je l'ai connu* kuma yana nufin na taɓa saninsa a da, ko a lokacin ne muka haɗu.

A wannan jimla ce kuma zaɓin kalma yake fitowa fili, domin «sani» ɗaya na Hausa ya rabu biyu. Ƙamus zai jera *savoir* da *connaître* ya yi shiru. Bayanin da na ga ya fi zama a kan masu farawa shi ne su dubi abin da ke biye da kalmar. Idan mutum ne ko wuri, *connaître* ne. Idan wata ƙaramar jimla ce mai farawa da «cewa», «inda», «yadda» ko «dalilin da», wato *que, où, comment, pourquoi*, to *savoir* ne, *connaître* ba ya shiga nan sam. Idan kuma iya wani aiki ake nufi, nan ma *savoir* ne, kamar *je sais nager*, na iya iyo. Da wannan ɗalibi zai kai ga *Je connais le professeur, mais je ne sais pas où il habite.* Akwai 'yan wuraren da duka biyun ke shiga, misali sanin amsar tambaya, amma ba na ɗora wa mai farawa wannan a rana ɗaya. Idan ya tambaya nakan gaya masa gaskiya cewa akwai, kuma za mu zo kansa.

Yawan bayanin ma abin kula ne. Mai koyarwa da ya san harshen yana jin ƙaiƙayin ya zazzage duk abin da ya sani a kan kowace jimla, ɗalibi kuwa abu ɗaya ko biyu yake iya tafiya da su. Shi ya sa a gefen kowace amsa nake rubuta layi ɗaya kawai da Hausa, kamar «yana cikin yi aka katse shi» ko «mace ce, ƙara *e*», kuma ina barin kuskuren a takardar da ɗan layi a ƙarƙashinsa, ba na gogewa, don ya ga inda ya baro.

Don in tabbatar bayanin ya shiga, ba na tambayar ko an gane, domin amsar kullum e ce. Ina canza abu ɗaya a jimlar in mayar masa. Ƙanwa ta koma ƙanne maza: «Ina karatu lokacin da ƙannena suka shigo.» Idan ya rubuta *sont entrés*, ya riƙe mataimakin da kuma bin adadi. Idan ya rubuta *ont entré*, haddar amsar farko ya yi, sai mu koma kan jerin aikatau masu *être*. Idan kuma *sont entré* ya rubuta ba *s*, ya kama mataimakin, ƙarshen kalmar ne kawai ya rage, wannan kuwa jimla biyu ko uku masu mata da jam'i sun isa su gyara shi.