Abin da gwajin numfashi ya koya mini game da asma da COPD

A farkon aikina a sashen cututtukan huhu, na rubuta wa wani dattijo mai shekara 58 cewa asma ke damunsa, don kawai ƙirjinsa na fito kuma ya ce maganin shaƙa yana sassauta masa. Babban likitanmu ya ce mini, "Je ki gwada numfashinsa tukuna." Dattijon ya busa cikin na'urar har jijiyoyin wuyansa suka tashi, sai iskar da ya fitar a daƙiƙa ta farko, wato FEV1, ta tsaya a lita 1.40, jimillar da ya fitar kuwa, wato FVC, lita 2.60. Muka ba shi salbutamol, maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin iska, mikirogiram 400, muka jira minti 15, ya sake busawa: FEV1 lita 1.48, FVC lita 2.70. Ƙarin mililita 80 ne kacal, kuma rabon FEV1 da FVC, wato FEV1/FVC, na nan a 0.55, alhali zamansa ƙasa da 0.70 bayan magani shi ke nuna toshewar da ba ta tafiya. Mutumin da ya kwashe shekara 35 yana shan sigari, COPD gare shi, wato ciwon toshewar hanyoyin iska na huhu mai ɗorewa.

A makon ne wata budurwa mai tarin dare ta zo, wadda FEV1 ɗinta ya tashi daga lita 2.10 zuwa 2.60 bayan magani, ƙarin da ya zarce ma'aunin kashi 12 cikin ɗari da mililita 200 da ke nuna hanya ta buɗe, rabon nata kuma ya koma 0.79. A asma, bangon hanyar iska ne ke kumbura, tsokar da ta kewaye ta ta matse, majina ta taru, amma jakunkunan iska na huhu lafiyarsu ƙalau, shi ya sa da magani ya saki tsokar sai hanya ta buɗe. A COPD kuwa ƙananan hanyoyin sun yi tabo sun ƙuntata, bangayen jakunkunan iska sun rushe, huhu ya rasa kuzarin komawa yadda yake, don haka hanyoyin kan rufe yayin fitar da numfashi, iska ta maƙale a ciki. Babu maganin shaƙar da zai sake gina abin da ya rushe.

Duk da haka na daina dogaro da gwaji ɗaya. Wani mai COPD yakan samu ƙarin da ya haura kashi 12 amma rabonsa bai kai 0.70 ba, mai asmar da ta daɗe ba kulawa kuma hanyoyinsa kan yi kauri har toshewar ta zauna. Wanda ya fi damuna shi ne mai asmar da ya zo ranar da asmar take kwance, gwajinsa ya fito daidai a sallame shi, alhali kamata ya yi a maimaita ranar da ƙirjin ke fito.