Alhamis, Jidda: kore ya fito, amma ban haɗa ba

Da safe na tarar da saƙon ƙanena na wajen aiki, wanda ya turo tun ƙarfe ɗaya da wani abu na dare: "Yaya, na buɗe `pull request` na rasit, komai ya yi kore. Don Allah ka haɗa kafin a tashi yau." Wato yana so in shigar da gyaransa cikin ainihin manhajar, tunda binciken da ke gudu da kansa ya nuna alamar nasara. Manhajarmu ta sayar da tikitin mota ce ga masu Umara tsakanin Jidda da Makka, kuma gyaran nasa shi ne a riƙa buga kwanan wata a jikin rasit. Tunda a nan Juma'a da Asabar hutu ne, duk abin da aka haɗa ranar Alhamis shi zai yi ta aiki har Lahadi ba mai kallonsa. Shi ya sa na zauna masa sosai.

A shafin GitHub abu huɗu ne a jere. Mai duba tsarin rubutu kore, mai gini kore, `test` kore, sai `deploy` da aka tsallake, yana nan da alamarsa mai ruwan toka. Duk lokacin da na ga an tsallake aiki sai na tsaya na tambayi dalili, domin GitHub yana lissafa aikin da sharaɗin `if` ya tsallake a matsayin wanda ya yi nasara, ko da yana cikin waɗanda aka wajabta kafin haɗewa. Na yau dai ba laifi, shi dama sai a reshen `main` yake gudu. Da `test` ne aka tsallake, da nan take zance ya ƙare.

Sai na buɗe `test` ɗin kansa, na gangara can ƙasan rahoton. Ga abin da ke layin ƙarshe:

```
1 failed, 211 passed in 48.12s
```

Gwaji ɗaya ya faɗi, amma a waje alama kore shar. Dalilin yana cikin fayil ɗin da ke tsara aikin, inda aka ƙara wannan kwanan baya don a riƙa ajiye rahoto:

```
- run: pytest | tee rahoto.txt
```

GitHub Actions ba ya karanta rahoto. Abin da yake dubawa kawai shi ne lambar da umarni ya fita da ita: sifili nasara ce, duk wata lamba faɗuwa ce. `pytest`, mai gudanar da gwaje-gwajen, yana fita da 1 idan gwaji ya faɗi. To amma idan aka jera umarni biyu da alamar `|`, lambar na ƙarshe ce ake ɗauka, kuma `tee` aikinsa ya rubuta abin da aka miƙo masa, ya rubuta, ya fita da sifili. Idan ba ka faɗi irin `shell` ɗin da kake so ba, wato shirin da ke gudanar da umarnin, a kan Linux matakin yana gudu ne da `bash -e`, babu `pipefail`. Idan kuwa ka rubuta `shell: bash` da hannunka, sai a gudanar da shi da `-eo pipefail`, kuma faɗuwar `pytest` ta faɗar da matakin gaba ɗaya. Layi ɗaya ne bambancin, kuma a ganina duk inda aka sa `|` a matakin gwaji ya kamata wannan layin ya biyo shi.

Wajen goma ƙanen nawa ya shigo da kofin shayinsa, idanu jajur. Na juya masa allo. Ya ce, "Yaya, ai kore ne." Na ce ya karanta layin ƙarshe da ƙarfi. Ya karanta, ya yi shiru, sannan ya ja kujera.

Muka ƙara `shell: bash` a reshen nasa muka tura. Danna `Re-run` ba zai yi amfani a nan ba, don shi yana maimaita aikin ne a kan ainihin abin da aka tura a baya, da tsohon tsarinsa. Na gyara zama ina jiran ja. Bayan ɗan lokaci sai ga kore, kuma a ƙasan rahoton `212 passed`.

Ya yi murmushi ya ce, "Ka gani, irin gwajin nan ne mai taɓin hankali, yau ya faɗi gobe ya wuce." Akwai irinsu kam, waɗanda ke dogara da intanet ko da jerin yadda aka gudanar da gwaje-gwaje. Amma ba na kiran gwaji da wannan suna sai na ga saƙon faɗuwarsa. Muka koma rahoton dare. Wanda ya faɗi `test_kwanan_rasit` ne, wato gwajin gyaran da muke magana a kai, kuma saƙon ya nuna rasit ya fito da kwanan watan jiya, gwajin kuma yana jiran na yau. Bambancin kwana ɗaya cif. Sai na duba lokacin da aikin ya gudu: ƙarfe 1:20 na dare agogon Jidda.

Injinan da GitHub ke ba da aro suna kan agogon UTC. Saudiyya tana gaban UTC da awa 3, kuma ba a sauya agogo a nan rani ko damina. Ke nan 1:20 na daren Alhamis a wajenmu, a wajen injin 22:20 ne na Laraba. Shi kuma a cikin gyaransa `date.today()` ya kira, wanda ke ba da kwanan watan injin da ake kai. Daga sha biyun dare zuwa ƙarfe uku agogonmu, rasit zai fito da kwanan jiya, sauran awa 21 kuma daidai. Sabarmu ma a kan UTC take, saboda haka abin da gwajin ya kama shi ne ainihin abin da zai faru da mai sayen tikiti. Kuma wanda ya san masu Umara ya san ba sa barin dare ya wuce su, da yawa cikin dare suke kama hanya don gudun zafin rana. Direba ya duba rasit ya ga na jiya ne, alhaji da haraminsa a bakin mota, sai rigima.

Gyaran kansa ba wuya:

```
datetime.now(ZoneInfo("Asia/Riyadh")).date()
```

Sai dai na ce masa kada ya fara da wannan. Ya fara gyara gwajin, ya daina dogara da agogon gaske, a ba shi tsayayyen lokaci, 22:20 UTC, a ce masa ana jiran kwanan washegari. Ya tura haka shi kaɗai. Wannan karon `test` ya yi ja da rana tsaka, abin da nake son gani ke nan, don ya tabbatar min da abu biyu lokaci guda: gwajin yana kama kuskuren a kowace sa'a, kuma faɗuwa yanzu tana isowa har shafin gaba. Bayan nan ya tura gyaran.

Mun dawo daga Azahar muka tarar an haɗa wani aiki a `main`, shafin yana cewa reshensa ya zama tsoho. Koren da ke hannunmu an samo shi ne da tsohon `main`, kuma mu mun kunna dokar da ke hana haɗewa sai reshe ya kamo na gaba. Ya danna `Update branch`, muka sake jira. Na buɗe rahoton ƙarshe: `212 passed`, adadin bai ragu ba, `test` bai tsallake ba, kuma lambar turawar da ke saman rahoton ita ce ta ƙarshe a reshen. Na amince, na haɗa kafin La'asar.

Abin da ya rage shi ne duk ayyukan da aka haɗa tun ranar da `tee` ya shiga fayil ɗin, kowannensu da koren da ba a san gaskiyarsa ba. Na ba shi aikin ya bi rahotanninsu ɗaya bayan ɗaya ranar Lahadi yana neman kalmar `failed`. Ya ce, "To Yaya, amma shayin safe a kanka yake."