Yadda na bi jadawalin raguwar daraja har ya tsaya daidai kan darajar saura

Injin da na duba jadawalinsa an saye shi a kan 50,000, an kuma ƙiyasta cewa idan ya gama aikinsa na shekara 7 za a iya sayar da shi a kan 5,000. Wannan 5,000 ita nake kira darajar saura. Abin da za a raba wa shekarun ke nan 45,000 ne, kowace shekara ta ɗauki kaso daidai da na 'yar'uwarta. Tunda lissafin bai fi ragi ɗaya da rabawa ɗaya ba, mutum zai ɗauka babu inda kuskure zai maƙale. To amma da na duba layin ƙarshe, darajar injin a littafi 6,607.15 ce, alhali 5,000 ya kamata in gani.

Ban taɓa ko lamba ɗaya ba sai da na auna girman giɓin, domin girmansa ne ke nuna inda matsalar take. A nan giɓin 1,607.15 ne. Na raba 45,000 gida 84, wato watannin da ke cikin shekara 7, na samu kusan 535.71 a wata. Da na raba giɓin da wannan adadi sai ya ba ni wata 3. Daga nan na san ba a lissafin kuɗi aka yi tuntuɓe ba, a ƙirgar lokaci ne.

Takardar saye ta tabbatar da haka. Injin ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu, shekarar lissafi kuma tana rufewa ranar 31 ga Disamba. Wanda ya shirya jadawalin ya yi daidai da ya ba shekarar farko wata 9 kawai, 4,821.43. Ya bi ta da cikakkun shekaru 6, kowace 6,428.57, sai ya ja layi ya tsaya, saboda a ransa shekara 7 layi 7 ne. Amma wata 9 da wata 72 sun kama 81 ne, saura 3. Duk kadarar da ta fara aiki a tsakiyar shekara tana bukatar layi ɗaya fiye da yawan shekarunta, kuma layin ƙarshen guntu ne, shi ke ɗaukar watannin da shekarar farko ta bari. Wanda ya ƙara layi na 8 ya cika shi da 6,428.57 shi ma bai tsira ba: darajar za ta faɗo zuwa 178.58, ta zarce saurar da nisa.

Na ƙara layin, na ba shi wata 3, 1,607.14. Jadawalin ya tsaya a 5,000.01.

Wannan 0.01 ce ta fi cin lokacina, don ita ce ke tona bambancin abin da allo ke nunawa da abin da aka shigar a leja. Idan aka raba 45,000 gida 7, amsar 6,428.571428 ce, lambobin kuma ba su ƙarewa. Idan ka rubuta `=SLN(50000,5000,7)` a Excel, zai nuna maka 6,428.57 in ka saita shi ya nuna lamba biyu bayan ɗigo, amma a ciki yana riƙe da dogon adadin, da shi kuma yake tarawa. Saboda haka jadawalin kwamfuta na iya ƙarewa a 5,000 cif, ka yi murna, alhali lejar da aka riƙa shigar wa 6,428.57 duk shekara ta tara 44,999.99 ne kawai. Kowane ɗaya daidai yake a idonsa, amma ba su haɗu ba. Shi ya sa nake sa `ROUND` tun a jadawalin, domin abin da nake gani ya zama shi ne ainihin abin da za a shigar.

Akwai iyakar da irin wannan giɓi ba ya wucewa, kuma sanin ta na rage wahala. Duk sanda aka datse adadi zuwa lamba biyu bayan ɗigo, ba a rasa fiye da 0.005. Layi 8 ba za su tara fiye da 0.04 ba. Idan wata-wata ake shigarwa, layi 84 za su iya kai 0.42, a wannan injin 535.71 sau 84 ya ba da 44,999.64, giɓin 0.36 ke nan, yana cikin iyaka. Duk abin da ya haura iyakar nan kada a ɗora wa datse lamba laifinsa, wani abu ne dabam ya faru.

Maganin da akantoci suka saba da shi shi ne a bar layin ƙarshe ya kwashe abin da ya rage: darajar farkon shekarar a cire darajar saura. A nan 6,607.15 a cire 5,000, ya zama 1,607.15. Yana aiki, ni ma ina yi, sai dai ba na amincewa da shi ido rufe. Layin da aka ce ya kwashe saura zai kai ka 5,000 ko da duk layukan da ke samansa kuskure ne. Da wani ya manta cire darajar saura ya riƙa caje 7,142.86 a shekara, layin ƙarshe zai haɗiye ɓarnar, jadawalin ya fito tsaf kamar ba abin da ya faru. Don haka nakan lissafa abin da layin ya kamata ya zama ta hanyar watanni, 1,607.14, in ajiye shi kusa da abin da ya kwasa, 1,607.15. Bambancin 0.01 ne, na yarda. Da ya kai ɗaruruwa, da na koma sama.

Wasu kan sa `MIN`, mai zaɓar ƙarami tsakanin cajin da aka lissafa da abin da ya rage, su ce sun rufe ƙofa. Shi `MIN` yana hana darajar faɗawa ƙasa da saura ne kawai. Idan datsewar ƙasa ta yi, kamar yadda ta yi a nan, zai zaɓi 1,607.14 ya bar 0.01 ɗin nan zaune inda take.

Daga baya na sake gina jadawalin ta hanyar da na fi so. Maimakon in lissafa cajin kowace shekara in tara, sai in fara da jimillar raguwar da ya kamata a ce an tara zuwa ƙarshen kowace shekara, cajin shekara kuma ya zama bambancin jimilla biyu. Kuɗin saye na `B1`, darajar saura na `B2`, watanni 84 na `B3`, jimillar watannin da suka shige kuma na jerin `C`, shekarar farko a `C7`, `D6` kuwa 0 ne:

```
D7: =ROUND(($B$1-$B$2)*MIN(C7,$B$3)/$B$3,2)
E7: =D7-D6
F7: =$B$1-D7
```

Da watanni 9, 21, 33 har zuwa 81 da 84, jimillar ƙarshe dole ta zama 45,000, domin 84 ne aka raba da 84. Ita kuwa 0.01 ɗin ta faɗa shekara ta 6, wadda ta ɗauki 6,428.58, layin ƙarshe ya koma 1,607.14. A kula da alamar `$`: in babu ita, da ka ja dabarar ƙasa sai ta zame daga `B1` zuwa gidajen da ba su ba.

Gwajin ƙarshe shi ne `=ROUND(F14-$B$2,2)=0`, wanda ya nuna `TRUE`. Sannan na ɗauko leja na gwada jimillar raguwar da aka riga aka shigar zuwa shekarar da ake ciki, ta 3, da ta jadawalin. Dukansu 17,678.57, saboda haka ba a bukaci wani gyara a shekarun baya ba, layi na 8 kaɗai aka ƙara a rajistar kadarori.